Jama'a ku duba ledar pampas da audugar mata kafin ku biya kuɗi

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Dubu 68. Dubu 68 na tura wa wani mutum, katan uku na pampas da katan ɗaya na audugar mata, wai kayan kamfani ne kai tsaye shi ya sa ya fi na kasuwa sauƙi, ashe jabu ne. Kuma ni ba sabuwa ba ce a harkar nan, shekara huɗu ina sayar da kayan jarirai a gida, sai da na ce ya nuna min a bidiyo, ya nuna, na gasken ya nuna min. "Hajiya ki kwantar da hankalinki, ni ba na cin haram." Maganar nan ita ke ta dawo min.

Sai da maƙociyata ta dawo da nata tana cewa gindin yaronta duk ya yi ja sannan na ɗauko ragowar tsohon kayana na jera su. A'a, tun ranar da aka kawo ma na ji ledar wani iri, na share. Ta gasken tana da kauri da laushi, likin bakinta a miƙe, tashi kuwa shara-shara ce, sai ƙyalli da ƙara, na sa babban yatsa kaɗan ta ɓule. Rubutun kamar mai inuwa, shuɗin bai hau kan farin daidai ba ya zame gefe, fuskar jaririn dishi-dishi. Na goga da jiƙaƙƙen yatsa fentin ya biyo ni. Ranar lalacewa da lambar kaya, a na gaske daban ake buga su daga baya da ɗige-ɗigen baƙin tawada, a nashi tare da zanen ledar aka buga, duk fakitin iri ɗaya.

Na sa almakashi na yanka guda. Audugar ba fara tas ba, ta dunƙule wuri ɗaya wani gefen ba komai. Na zuba rabin kofin ruwa a kowanne, na gasken ya shanye, ƙwayoyin nan na ciki suka kumbura suka riƙe ruwan, nashi ina dannawa da tishu ruwan ya dawo sama, shi ke jiƙa fatar yaro har ta yi ƙuraje. Audugar matan ma gam ɗinta ba ya kama wando, ga wani wari.

Dubu 68, kuɗin adashina ne fa, ga kunyar matan da na sayar wa, duk sai na mayar musu da kuɗinsu. Mutumin ya toshe lambata tun ranar Talata. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki suna nan, zan ɗora anjima, kuma NAFDAC zan kai kayan.

Ku sayi fakiti ɗaya ku yanka ku zuba ruwa kafin ku ɗauki katan. Kar ku yarda da bidiyo.