Sharhi: ƙaramar sola a shago, shekara nawa kafin ta mayar da kuɗinta?

Kayan da nake sharhi a kai su ne waɗanda aka fi ɗora wa ƙananan shaguna: faifan sola biyu masu wat 300 kowanne, batirin ruwa ɗaya mai bolt 12 da amfiya-awa 200, infata mai wat 1,000, da kwantirolar caji. Bayan amfani da su, ra'ayina shi ne suna biyan kansu, amma ga shagon da dama yake ƙona mai sosai a janareta. Batir ne kuma ke yanke hukuncin ko za su biya da wuri.

Tunda farashi kullum canzawa yake, gara a yi lissafin da litar fetur. A raba kuɗin kaya da na haɗawa da kuɗin lita ɗaya. Mu ɗauka ya kama lita 1,500, batir kaɗai ya ci 500 a ciki.

Ƙaramin janareta yana shan kusan rabin lita a awa. Shagon da ke kunna shi awa 6 a rana, kwana 26 a wata, yana ƙona lita 78. Masu sayar da kaya sukan raba 1,500 da 78 su ce wata 19, su tsaya nan. Sai dai janareta ba ya ritaya gaba ɗaya. Ranakun hadari da hazo dole a tayar da shi, don haka a cire kashi ɗaya cikin biyar, saura lita 62. A ƙara kwatankwacin lita 8 na fetur, wato kuɗin baƙin mai, filogi da gyara da aka huta da su, ya zama 70. Ke nan wata 21 zuwa 22, kusan shekara biyu.

Kayan kuwa suna ɗaukar wannan aikin. Fitilu huɗu, fanka, talabijin da cajin waya sun kai wat 200, a awa 6 wat-awa 1,200 ke nan. Faifan biyu, da awa huɗu da rabi na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi, ƙura da waya, suna ba da kusan 1,900.

Batir ne abin lura. A rubuce yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabin wannan kawai ya kamata a sha. Idan ana tatse shi kullum har infata ta yi kuka ta ɗauke, batirin da zai yi shekara uku yana iya mutuwa a shekara ɗaya da rabi. In haka ta faru, kuɗin ya koma lita 2,000, lokacin biya ya koma wata 29. Ana gane matsalar tun da wuri: a auna batirin da safe kafin rana ta fito, babu komai a kunne. Cikakke yana nuna bolt 12.7, rabi kuma wajen 12.1. Idan kullum ƙasa da 12 ake samu, ana cin rayuwarsa. Wata alamar ita ce ya cika da wuri, ya kuma ƙare da wuri. A riƙa duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da asid. A kuma kashe infata idan an rufe shago, domin ko ba ta ɗauke da komai tana iya shan wat 20, wato wat-awa 240 a awa 12 na dare.

Firiza ce ke yawan rusa lissafi. Mutum ya ga wuta ta samu, sai ya jona ta. Lokacin tashi tana jan ninkin wutarta sau da yawa, kuma tana aiki har cikin dare, duk a wuyan batir ɗaya. Mai son firiza ya faɗa tun kafin a auna masa kaya.

Wanda ban ba shawarar saye ba shi ne mai kunna janareta awa 2 kacal. Lita 26 yake ƙonawa a wata, abin da zai tsira da shi bai wuce 23 ba. Lita 1,500 za ta ɗauke shi wata 65, kuma kafin nan ya sake batir. Da sabon batir lissafin ya kai wata 87, a lokacin na biyun ma ya gaji, sai a doshi shekara tara. Irin wannan shagon faifai ɗaya da ƙaramin batir na fitila da cajin waya sun ishe shi.

Kafin a biya kuɗin kaya, a rubuta man da ake saya kowace rana na wata guda cur, domin ƙiyasin baki yakan zarce gaskiya. Idan da bashi za a saya, a haɗa kuɗin ruwan cikin jimillar kafin a raba.