Sharhi kan mayankin bututu mai faifai da 'yar wuƙar share baki

Na shafe shekaru ina yanka bututun jan ƙarfe da zarto, sai a 'yan watannin nan na sayi mayankin bututu mai faifai, irin wanda ake ɗaurawa a jikin bututu a riƙa zagayawa da shi, na kuma haɗa da wata 'yar wuƙar share bakin bututu mai siffar alƙalami wadda kaifinta lanƙwasasshe ne kuma yana juyawa da kansa. Na yi aiki da su a kan bututu mai faɗin milimita 15 da mai milimita 22, kuma abin da na gani shi ne mayankin yana cika alkawarinsa wajen yanka, amma yana barin wata matsala a ɓoye wadda mai saye ba zai lura da ita ba sai ya zura yatsa a bakin bututun.

Yadda yake aiki ba shi da wuya. Bututun yana zama a kan 'yan tayoyi biyu, faifan yanka yana danna shi daga ɗaya ɓangaren, kuma bayan kowane zagaye ɗaya ko biyu sai a ƙara matse maɗaurin da kamar rubu'in juyi. Yankan yana fita a miƙe, babu karkata, wanda da zarto sai an yi da gaske kafin a samu haka. Wannan miƙewar tana da amfani, domin bakin da ya karkace ba ya zama daram a ƙasan mahaɗi, sai gefe ɗaya ya taɓa, ɗayan kuma ya bar giɓi.

Sai dai faifan ba ya cire ƙarfe kamar yadda haƙoran zarto suke yi, tura shi yake yi. Jan ƙarfe kuwa yana da taushi, saboda haka abin da aka tura yana lanƙwashewa zuwa ciki ya zama wani siririn leɓe mai kaifi da ya zagaye bakin gaba ɗaya. A ranar farko na yi gaggawa, ina matse maɗaurin rabin juyi ko fiye don in gama da wuri, sai leɓen ya fito da kauri, har bakin wani bututun ya ɗan motse ya daina zama da'ira sosai. Laifin hannuna ne, ba na kayan aikin ba, kuma da na sassauta matsin leɓen ya ragu, amma bai taɓa ɓacewa ba ko sau ɗaya.

Domin in san girman abin, na zauna na yi lissafi. Bututun milimita 15 mai kaurin bango milimita 0.7 yana da rami mai faɗin milimita 13.6. Idan leɓen ya shigo ciki da rabin milimita ta kowane gefe, faɗin ramin ya koma milimita 12.6, wato filin da ruwa zai bi ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100 a daidai wannan wurin. Gaskiya leɓe guda ɗaya ba zai sa mutum ya ga famfo ya rage ƙarfi ba, kuma duk wanda ya ce haka ya yi ƙari. Amma layin da ke da gwiwoyi da mahaɗai goma sha biyu yana da bakuna kusan ashirin da huɗu, kuma kowannensu yana karɓar nasa rabon daga matsin ruwan kafin ya isa famfo na ƙarshe.

Abin da ya fi ragin gudu muni shi ne abin da ruwan yake yi bayan ya wuce leɓen. Yana matsewa ya ƙara sauri, sannan ya hautsine yana juyi a bayansa, kuma wannan juyin yana goge siririn rufin da ke samuwa a cikin bututun jan ƙarfe yana kare shi daga lalacewa. Da tafiyar shekaru sai wurin ya zaizaye har ya huda ɗan rami kamar na allura, galibi ɗan nesa kaɗan bayan mahaɗin ta ɓangaren da ruwa yake nufa. Abin ya fi tsanani a layin ruwan zafi, shi ya sa ake shawartar kada gudun ruwan zafi a jan ƙarfe ya wuce kimanin mita 1.5 a daƙiƙa, na sanyi kuma kimanin mita 2.4. Wanda ya ga yoyo a irin wannan wuri, idan ya yanke guntun ya tsaga shi, sau da yawa zai tarar da leɓen da ba a share ba yana nan.

Mayankin yana zuwa da wata wuƙa mai kusurwa uku da ake buɗowa daga bayansa don wannan aikin, kuma a nan ne ban gamsu ba. Tana buƙatar ƙarfi, riƙonta ba daɗi, kuma idan aka danna ta sosai tana buɗa bakin zuwa waje maimakon ta kankare shi. 'Yar wuƙar mai juyawa ta fi ta nesa ba kusa ba: ana ɗora kaifin a gefen ciki, a zagaya sau biyu ko uku da hannu mai sauƙi, sai leɓen ya fito kamar zare. Ina karkata bakin bututun ƙasa yayin da nake yi, domin ɓurɓushin da ya faɗa ciki ruwa zai kwashe shi ya kai shi ragar bakin famfo ko cikin bawul, kuma wannan toshewar ce mutane suke ɗauka ƙarancin ruwa ne.

Gefen waje ne ya ba ni kunya. Akwai wani guntu a lungu inda mayankin ba shi da sararin zagayawa, sai na koma ga zarto, na share cikin da kyau, na manta da wajen, na tura shi cikin mahaɗi irin wanda ake turawa kawai ya kama, mai zoben roba a ciki. Da aka buɗe ruwa babu yoyon da ya fito, amma washegari na tarar da ɗigo yana taruwa a ƙasan mahaɗin. Da na kwance shi na ɗaga zoben a haske, sai ga wata siririyar tsaga inda tsinin ƙarfen ya yanke shi lokacin shiga. Na sake mahaɗi, na goge gefen waje da magagari mai laushi har ya ɗan yi gangare, na bi da samfefa, na sa alamar zurfin shiga a jikin bututun kafin in tura, kuma wurin bai sake jiƙewa ba. 'Yar wuƙar mai juyawa ba ta dace da wajen bututu ba, don tana zamewa, saboda haka magagari bai bar jakata ba.

Wanda zai sayi irin wannan mayanki ya sayi faifai na canji tare da shi, domin faifan da ya dakushe yana ƙara kaurin leɓen, wanda ya yi sako-sako a kan sandarsa kuma yana bin bututun kamar zaren noti maimakon ya koma kan layinsa na farko. Nawa ya fara nuna alamar dakushewa bayan na yi kuskuren gwada shi a kan bututun baƙin ƙarfe, wanda ba don shi aka yi faifan ba.