WhatsApp da Telegram a kwamfuta: ina tsofaffin saƙonni suke shiga?

"Salam 'yan uwa. Na haɗa WhatsApp ɗina da laftof ɗin shagonmu a Ƙofar Ƙaura, ina neman rasit ɗin taransifa da wani kwastoma ya turo min tun 2022 amma hirar ta tsaya a 'yan watannin baya. Telegram kuwa komai ya fito. Mi ya sa?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Laftof ɗinka lafiya lau take, bambancin yana wurin da kowane ɗaya ke ajiye saƙo ne.

Telegram a sabarsu yake tara hirarka, to duk na'urar da ka shiga da lambarka daga can take ɗebowa, shi ya sa har na shekarun baya ka gani. Banda Secret Chat, wannan a wayar da aka fara shi yake zama.

WhatsApp kuma saƙo a kulle yake tafiya, wayarka da ta kwastoma ne kawai ke da makulli, kuma da zarar ya isa sai su goge shi daga sabarsu, wanda bai isa ba ma kwana 30 suke riƙe shi. Kenan rumbun tarihin gaba ɗaya wayar ce. Lokacin da ka shiga Linked devices ka ɗauki hoton lambar nan mai ɗigo-ɗigo, wayar ce da kanta ta ƙunsa hirarrakin kwanan nan ta kulle ta aika wa laftof, ba duka take aikawa ba don hirar shekaru tana da nauyi, burauza kuma ba ta da wurin ajiya mai yawa. Daga ranar nan duk sabon saƙo kowace na'ura nata kwafin take samu, ko wayar na kashe.

Ga abin yi kan rasit ɗin. Buɗe hirar a laftof ka yi sama har ƙarshe, in ka ga rubutun da ke cewa ka latsa a ɗauko tsofaffi daga waya to ka kunna data a wayar, ka bar WhatsApp a buɗe sannan ka latsa. In kuma ya ce ka duba a waya, iyakarta kenan, sai ka nemo rasit ɗin a wayar ka tura wa kanka, nan take zai bayyana a laftof. In duk hirar kake so, Export chat ka aika ta imel. Manhajar da ake saukewa a kwamfuta ta fi ta burauza jawo tarihi, ni ita nake ba 'yan kasuwa shawara.

Abin da ya fi damuna, don Allah kada ka yi wa wayar fomat kana ganin ai akwai a laftof. Bakof na Google Drive waya kaɗai yake komawa, kuma in wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp ba laftof ɗin da kanta za ta fita.