Jallabiya ɗaya: riyal 60 ko riyal 75?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wurin ɗinkin jallabiya a Jidda, keke biyar. Akantana ya ce kowace jallabiya tana ci mini riyal 75, ƙanena da ya karanta harkar lissafi ya ce 60 ne. Ɗaya ya ce kulliyya, ɗaya ya ce mutagayyira. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam Malam. Mutagayyira, wadda 'yan boko ke kira majinal, ita za ka riƙe wajen tafiyar da shago. Kulliyya, wato abzofshin, ka bar wa akanta ya rufe littafin shekara da ita. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, abu ɗaya ne ya raba su: inda kowa ya ajiye kuɗin da ba ya motsi.

Kuɗin da kake kashewa iri biyu ne. Akwai wanda ke bin kowace riga, idan ba a ɗinka ba ba a kashe shi. Mu ƙaddara yadi riyal 35, zare da maɓalli da leda riyal 5, ladan tela da kake biya a kan kowace riga riyal 20. Ka ga 60 ɗin ƙanenka. Sai kuma wanda ke zaune daram ko kekunan sun kwana a lulluɓe: hayar wurin ɗinki, albashin mai yanka, kuɗin iƙamar ma'aikata da ka raba wata-wata, tsufan kekuna. A ce duka riyal 6,000 ne a wata. Akantanka ya raba wannan 6,000 a kan riga 400 da ka saba ɗinkawa, kowace ta ɗauki 15, ya ɗora a kan 60, ta zama 75, wannan hanyar lissafi ita ce kulliyya. Ƙanenka kuwa bai ɗora wa riga komai ba, ya cire 6,000 ɗin gaba ɗaya daga cinikin watan, wannan kuma ita ce mutagayyira. Duk waɗannan alƙaluma ban sa harajin saye da sayarwa na kashi 15 cikin ɗari a ciki ba.

Abin da ya sa na fi son mutagayyira shi ne 60 ɗin nan ba ta rawa. Muddin farashin yadi da ladan tela ba su canja ba, riga ta farko 60 ce, ta ɗari shida ma 60 ce. A kulliyya kuwa, idan ana rabawa da yawan abin da aka ɗinka a watan, sai ka ga riga ta koma 70 a Sha'aban da aka ɗinka 600, ta haura 90 a watan da kasuwa ta kwanta aka ɗinka 200 kacal. Yadi ɗaya, tela ɗaya, ɗinki ɗaya. Wanda bai gane ba sai ya ƙara farashi daidai lokacin da masu saye suka ja baya.

Dubi abin da ke faruwa da riba, domin nan ne mutane ke ruɗewa. Kana sayar da riga riyal 100. A Sha'aban ka ɗinka 600 saboda shirin azumi da Sallah, amma ka sayar da 300. A mutagayyira kowace riga ta bar maka 40, sau 300 ya zama 12,000, a cire 6,000, riba 6,000. A kulliyya riga ta tsaya 70, ta bar 30, sau 300, riba 9,000. Daga ina 3,000 ta fito? Ba ciniki ba ne. Riguna 300 da ke jibge a kanta kowace ta goya riyal 10 na haya da albashi, an ɗage su zuwa wata mai zuwa, alhali mai gida ya riga ya karɓi hayarsa, mai yanka ya riga ya tura albashinsa gida.

Da Ramadan ya zo sai abin ya juya. Ka ɗinka 300, ka sayar da 600. Mutagayyira ta ce 40 sau 600, wato 24,000, a cire 6,000, saura 18,000. Kulliyya ta ce tsofaffin 300 a kan 70, sababbin 300 a kan 80, jimla 45,000, a cire daga cinikin 60,000, saura 15,000. Haɗa wata biyun ka gani: 24,000 ne ta kowace hanya. Amma mutagayyira ce ta nuna maka ribar a watan da ciniki ya auku da gaske. Ka riƙe wannan ƙa'ida: idan kayan ajiya sun ƙaru kulliyya tana nuna riba mafi yawa, idan sun ragu tana nuna ƙasa da haka, idan ba su motsa ba hanyoyin biyu sun yi daidai.

Inda mutagayyira ta fi yi wa mai shago rana shi ne wajen odar sari. A ce bayan aikin Hajji, kekuna biyu na zaune, wani ɗan kasuwa ya zo yana son riga 100 a kan riyal 72. Mai kallon 75 zai ce faɗuwa ce ta riyal 3 a kowace riga, ya kore shi. Alhali kowace za ta bar 12 bayan yadi da lada, wato 1,200 da za su rage nauyin hayar da ko ya ɗinka ko bai ɗinka ba sai ya biya. Sai dai da sharaɗi biyu. Kekunan su kasance a zaune suke da gaske, domin a goman ƙarshe na Ramadan kowace riga ta 72 tana ture wadda za ka sayar 100. Kuma kada 72 ta zama farashin kowa: a wannan farashi sai ka sayar da 500 kafin ka rufe 6,000, alhali a kan 100 riga 150 sun isa. Kada ka taɓa ɗaukar 60 a matsayin farashin sayarwa, ita ƙasa ce da ba a sauka ƙarƙashinta.

Ita kulliyya, dole ce ta sa. Ƙa'idar lissafin kayan ajiya ta duniya, wato IAS 2, ta ce a ƙiyasta kayan ajiya tare da kasonsu na kuɗin sarrafawa da ba ya motsi, kuma Saudiyya tana bin ƙa'idojin lissafi na duniya a ƙarƙashin hukumar akantocin ƙasar, wato SOCPA, manyan kamfanonin kasuwar hannun jari tun 2017, saura tun 2018. Don haka bar akanta ya yi aikinsa, amma ka duba masa abu biyu. Ya raba da adadin da ka saba ɗinkawa, wato 400, kada ya ɗora wa riga 30 don wata ya yi sanyi. Abin da bai rabu ba a cire shi a matsayin kashewar wannan lokacin. Kuma hayar shagon sayarwa da kuɗin talla da kai kaya ga mai saye ba sa shiga kuɗin riga a kowace hanya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da wurin ɗinki ko masu neman abokin hannun jari. Wasu sukan cika sito da ɗinki wata biyu kafin ciniki, takarda ta nuna riba mai ƙyalli, alhali haya ce aka ɓoye a cikin riguna. Idan aka miƙo maka irin wannan takarda, ka nemi adadin kayan farkon lokacin da na ƙarshensa, ka shiga siton ka ƙirga da hannunka, ka buɗe leda ka duba ko fararen sun fara yin ɗorawa a wuya. Sannan ka ninka ƙarin kayan da kason da aka ɗora wa kowace riga, ka cire daga ribar da aka nuna maka kafin ku fara maganar farashi.