Sharhi kan fassarar labari da na bayar aka yi mini: Turancin ya yi kyau, amma an zubar da "wai"

Makonni biyu da suka wuce na ba wani mai sana'ar fassara sakin layi ɗaya na labari domin ya mayar mini da shi Turanci. Ni ne nake rubuta taƙaitattun labarai a mujallar ƙungiyarmu ta ma'aikatan gini, kuma a wannan karon akwai abokan hulɗarmu da ba sa jin Hausa waɗanda suka nemi a aika musu da labarin. Ina karanta Turanci ina ganewa sarai, amma rubuta shi da salon jarida ba aikina ba ne, shi ya sa na nemi wanda aka yaba mini aikinsa. Ga sakin layin kamar yadda na tura masa:

"Aƙalla mutum 3 ne suka rasu, wasu 18 kuma suka jikkata, bayan da wani bene mai hawa biyu da ake kan ginawa ya rufta da yammacin shekaranjiya. Mazauna unguwar sun ce wai ɗan kwangilar ya yi biris da gargaɗin da aka yi masa tun bara. Rundunar 'yan sanda ta ce ta kama mutum 2 da ake zargi da yin ha'inci a kayan aikin, ta kuma sha alwashin gurfanar da duk wanda aka samu da hannu a lamarin."

Jimloli uku ke nan, kuma da farko ya burge ni ƙwarai, domin kafin ya fara aiki sai da ya aiko mini da tambayoyi biyu waɗanda suka nuna cewa ya karanta da idon basira. Ya tambaye ni ranar da na rubuta labarin, saboda a cewarsa "shekaranjiya" ba ta da amfani ga wanda zai karanta bayan mako guda, kuma jaridun Turanci sun fi son a ambaci sunan ranar. Ya lissafa ya sa Talata, kuma daidai ne. Ya kuma tambaya ko "hawa biyu" na nufin ƙasa da sama ɗaya, ko kuwa ƙasa da sama biyu, domin mutane suna faɗin haka da ma'anoni biyun, alhali a Turanci dole ya zaɓi lamba ɗaya. Ni da nake cikin sana'ar gini ban lura da wannan harshen damo ba sai da ya nuna mini. Haka nan na ji daɗin yadda ya yi da kalmar "rasu". Mu muna bambanta "rasu" da "mutu" saboda girmama mamaci, kuma na ji tsoron zai ɗauko wata doguwar magana ta ta'aziyya ya saka. Bai yi haka ba, ya yi amfani da kalmar mutuwa ta yau da kullum wadda jaridun Turanci suke amfani da ita ba tare da ta zama rashin ladabi ba. Da a nan aikin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Jimla ta biyu ce ta ɓata mini rai, kuma har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi, domin saura kaɗan in tura labarin yadda yake. Idan na mayar da abin da ya rubuta zuwa Hausa kalma da kalma, ga abin da yake cewa: "Ɗan kwangilar ya yi watsi da gargaɗin da mazauna unguwar suka yi masa tun shekarar da ta gabata." Duk wanda ya kwatanta wannan da abin da na rubuta zai ga cewa abubuwa uku sun sauya a cikin jimla ɗaya. "Sun ce" ta ɓace, don haka maganar ta tashi daga bakin mazauna unguwa ta dawo bakin mujallarmu. "Wai" ta ɓace, don haka jita-jita ta zama tabbataccen labari. Sannan "aka yi masa", wadda ba ta faɗi wanda ya yi gargaɗin ba, an ba ta mai aiki, an ce mazauna unguwar ne suka yi gargaɗin, alhali ni ban san ko su ne ba, ko injiniya ne, ko wata hukuma ce. Na sa "aka" ne da gangan saboda ban sani ba, kuma Turanci yana da hanyar gina jimla a ɓoye mai aikin, don haka babu wani uzuri na cewa harshen ne ya tilasta masa.

Wannan "wai" ɗin ita ce ta fi damuna, saboda ba don ado na saka ta ba. Bahaushe idan ya ce "sun ce ya yi kaza", ya danganta maganar ga masu ita. Idan ya ƙara ya ce "sun ce wai ya yi kaza", to ya ja da baya taki biyu, yana nuna cewa su ma masu faɗar ji suka yi, ko kuma shi mai ba da labarin bai ɗauki nauyin gaskiyar maganar ba. Na yi magana da mutum huɗu a wurin, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga takardar gargaɗi da idonsa, kowa cewa yake haka ake faɗa. Harafi uku ne suka ɗauke mini wannan nauyin duka. Na san cewa Turanci ba shi da kalma ɗaya tilo da take zama a gurbin "wai" a ko'ina, amma yana da hanyoyi: ko a sauya kalmar "faɗa" da wadda take nufin iƙirari, ko a saka kalmar da take nuna cewa zargi ne ba a tabbatar ba, ko a ƙara 'yar gajeriyar magana cewa ba a ga shaidar gargaɗin ba. Duk mai fassara labarai ya kamata ya san waɗannan kamar yadda magini ya san ma'aunin siminti da yashi. Mutumin da ake magana a kansa yana raye, ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma a garin kowa ya san ko wane ne ko da ba a ambaci sunansa ba. Da labarin ya fita a haka, mu ne muka yanke masa hukunci da sunan ƙungiyarmu.

Na kira shi a waya na ce, "Malam, ina 'wai' ɗina ta tafi?" Ya amsa da ladabi cewa ya ɗauke ta a matsayin kalmar cike gurbi irin ta hira, kuma ya ga jimlar za ta fi ƙarfi da santsi idan aka tafi kai tsaye. Gaskiya ne akwai inda "wai" take zuwa ba da ma'anar jita-jita ba, kamar a ce "wani yaro wai shi wane", ko a buɗe tambaya da ita a ce "wai ina ka shiga ne?" Amma idan ta biyo bayan "sun ce" a cikin labarin da ya shafi rayukan mutane, aikinta a fili yake. Ban biya shi don ya ƙara wa jimlata ƙarfi ba, na biya shi ne don ya kai ta Turanci da irin ƙarfin da na ba ta, da irin taka-tsantsan ɗin da na yi.

Ya karɓi gyara ba tare da musu ba, kuma a ranar ya sake aiko da aikin. Jimla ta biyu ta dawo daidai, har ma na yaba da yadda ya yi: ya fara da mazauna unguwar, ya ba su kalmar iƙirari, ya bar mai gargaɗin a ɓoye. Na huce, har na fara tunanin cewa kuskure ne irin wanda kowa zai iya yi.

Sai dai tunda an sare ni sau ɗaya, na ɗauki sabon Turancin na ba wata abokiyar aikina wadda ba ta taɓa ganin asalin Hausar ba, na roƙe ta ta mayar mini da shi Hausa, sannan na jera nata da nawa ina bi layi-layi. A nan ne wasu abubuwa biyu suka fito waɗanda ɓacin ran farko ya rufe mini ido ban gani ba. Ta rubuta "mutum 3 sun mutu", babu "aƙalla". Na koma na duba, lalle babu ita a Turancin, tun a aikin farko har na biyu. Lokacin da na rubuta labarin ana kan tono ɓaraguzai, kuma "aƙalla" ita ce take gaya wa mai karatu cewa adadin zai iya ƙaruwa. Na biyun ya fi muni: ta rubuta "mutum 2 da aka tuhuma da zamba". Ni "ake zargi" na ce. Zargi daban, tuhuma a gaban kotu daban, samun mutum da laifi kuma daban, kuma Turanci yana da kalma ta musamman ga kowane mataki. Jimlar da kanta ta nuna cewa ba a kai ga kotu ba, tunda rundunar alwashin gurfanarwa ta sha, amma fassarar ta tsallake da mutanen zuwa mataki na gaba. Ita ma kalmar "ha'inci" an kai ta inda ban nufa ba, domin abin da nake nufi shi ne rage ingancin kaya, kamar a sa rodi siriri a inda ake buƙatar mai kauri ko a yawaita yashi a kwaɓi, shi kuwa ya zaɓi kalmar da ta fi karkata ga damfarar kuɗi.

Abin da ya dawo mini da ɓacin raina shi ne na gane cewa kurakuran nan duka jinsi ɗaya ne. "Wai", "aƙalla", "aka", "ake zargi", dukkansu ƙananan kalmomi ne da suke rage wa magana kaifi, kuma dukkansu ya zubar ko ya ƙarfafa. Bayan na nuna masa ta farko, na sa ran zai koma ya binciki sauran jimlolin biyu da wannan idon, amma wurin da na nuna kawai ya gyara. A wajen manyan kalmomi kuwa, in ban da "ha'inci", ba shi da matsala: "sha alwashi" ya ba ta kalmar alkawari mai ƙarfi da hukumomi suke amfani da ita, bai bi ta kalma da kalma ba, kuma "ta" ɗin rundunar 'yan sanda bai mayar da ita mace ba kamar yadda na taɓa gani a wasu fassarori.

Sai a zagaye na uku labarin ya tsaya yadda nake so, kuma ni ne na ja layi a ƙarƙashin kowace kalma na tura masa. Zan iya sake ba shi wasiƙa ko sanarwar taro, domin Turancinsa mai tsabta ne kuma yana cika alkawarin lokaci. Labarin da akwai zargi a cikinsa kuwa, idan har na sake ba shi, zan haɗa masa da jerin kalmomin da ban yarda a taɓa ba, kuma abokiyar aikina za ta sake mayar da shi Hausa kafin ya bar hannuna.