Gargaɗi kan masu gwanjon keke napep na waya a Legas

'Yan'uwa mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, ku yi hattara da wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana cewa shi dillalin gwanjon keke napep ne a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ɗan ƙanwata ya faɗa hannunsa, naira 350,000 suka salwanta, kuma yaron ba sakarai ba ne. Shekara biyu yana dako a kasuwa yana tara kuɗin nan.

Da farko mutumin ya turo hoton keke sabo fil, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Bai nemi kuɗin keken ba. Kafin alƙalami kawai ya nema, naira 30,000, don a rubuta suna. Washegari ya turo takarda mai hatimi ɗauke da sunan yaron da lambar inji, ya ce: "Keke ya zama naka." Daga wannan ranar bakinsa ya canza. Ya daina cewa za ka samu, ya koma cewa za ka rasa. A biya 120,000 na fito da kaya kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba a ba wani, kafin alƙalami kuma ba a mayarwa. Ya biya. Bayan kwana uku sai ga 200,000 na kuɗin ajiya a tasha, wai kullum ƙaruwa yake.

Na tambaye shi me ya hana shi tsayawa a nan. Ya ce: "Kawu, zuciyata ta fara raya min wani abu. Amma in na tsaya, 150,000 ɗina fa? Ga keken kuma na riga na gaya wa Inna."

A kan wannan amsar aka gina damfarar gaba ɗaya. Zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar ɗan Adam, ko da kuɗin ɗaya ne. Duk ɗan kasuwa ya san haka: ka ci ribar 10,000 da safe, kafin la'asar ka manta, amma 10,000 su faɗi daga aljihunka, sai ka kwana kana juyi. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan a 1979, kuma binciken da suka ci gaba da yi ya nuna nauyin asara ya kai kusan ninki biyu na ribar da ta yi daidai da ita. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Abin da ya fi damuna a bayaninsu shi ne, asara da riba ana auna su ne daga inda mutum ya ɗauka yana tsaye. Aikin takardar nan mai hatimi ke nan. Kafin ta iso, keke abu ne da yaron ke fata. Da ya ga sunansa a jiki, zuciyarsa ta lissafa shi cikin dukiyarsa, alhali ko tayarsa bai taɓa ba. Rashin biya sai ya zama kamar a ƙwace masa abinsa. Wa'adin ƙarfe huɗu kuma an sa shi ne don kada ya samu sararin shawara da kowa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, 'yan kasuwar kirki ma suna karɓar kafin alƙalami, suna kuma cewa kaya sun kusa ƙarewa. Sai dai mai gaskiya zai kai ka ka ga kaya da idonka, ya faɗa maka jimillar kuɗi tun ranar farko, ya ba ka rasit a shagon da za ka iya komawa gobe. Wannan kuwa kowane biya sai ya haifi wani, kowane da sabuwar lambar asusu mai sunan wani mutum daban, kuma in ka ce za ka zo Apapa sai ya ce ba a barin kowa shiga.

In kana tsakiyar irin wannan yanzu, ka ajiye abin da ka riga ka bayar a gefe, ka tambayi kanka: da yau ne aka fara kawo min zancen, ban ba da ko sisi ba, zan tura wa mutumin da ban taɓa gani ba 200,000? In amsar a'a ce, kada ka tura. Da yaron ya tsaya a nan, 150,000 zai rasa, ba 350,000 ba.

Wanda ya riga ya tura, ya je bankinsa a ranar da shaidar turawa, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, kada ya goge saƙo ko ɗaya. Mu mun yi latti da mako guda saboda kunya ta hana shi faɗa min. Jiya kuma wata sabuwar lamba ta kira shi, wai za a dawo masa da kuɗinsa duka in ya biya 40,000 na buɗe fayil. Na karɓi wayar na toshe lambar da hannuna.