Excel ko manhajar da ke karanta fayil da kanta?

"Assalamu alaikum. An ɗora mini aikin fito da kwasa-kwasan da ma'aikatanmu suka yi da ranar ƙarewar satifiket ɗinsu daga fayiloli, don a tsara bita. Mun kai ɗari da hamsin. In shigar da hannu a Excel, ko in sa a sayi manhajar nan mai karanta takardun da aka yi wa sikanin?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗauki Excel, kada ki yi wata-wata. Duka biyun sun bi ta hannuna a wurin aikinmu, kuma wanda nake buɗewa kowace Litinin har yau shi ne Excel ɗin.

Yadda na tsara nawa, kowane satifiket layinsa daban. Mai satifiket uku, layi uku ke nan. Gidan A lambar ma'aikaci, domin suna yakan zo ɗaya ko a rubuta shi iri biyu. B suna, C sunan kwas, D ranar da aka bayar, E yawan watannin da yake aiki. Wannan adadin ki ɗauko shi daga jikin takardar ko daga waɗanda suka ba da horon, domin ya bambanta: na taimakon gaggawa a wurin aiki galibi wata 36 ne, na BLS, wato horon farfaɗo da bugun zuciya da numfashi da ma'aikatan lafiya ke yi, galibi wata 24. Sai ki sa lissafin farko da ke ƙasa a F, na biyu a G:

```
=EDATE(D2,E2)
=F2-TODAY()
```

F zai ba ki ranar ƙarewa, G kuma kwanakin da suka rage. Idan F ya fito da wata doguwar lamba, ki mayar da gidan zuwa tsarin Date; idan G ya fito da kwanan wata, ki mayar da shi Number. In kuma takardar ta rubuta ranar ƙarewarta ƙarara, ita za ki bi, ki bar lissafi.

Na sa Conditional Formatting ya riƙa shafa ruwan ɗorawa a duk layin da ya rage masa ƙasa da kwana 90. Wata safiya na buɗe na tarar layukan direbobinmu sun rine reras, ashe tare suka yi kwas ɗin taimakon gaggawa, tare kuma zai ƙare musu. Muka nemo mai horarwa cikin natsuwa, aka raba su gida biyu don kada motoci su tsaya, kowa ya sabunta kafin wa'adi. Wallahi na ji daɗin ranar. Kwana 90 ɗin nan ba yawa ba ne, domin sai an amince da kuɗi, an sami gurbi, an duba masu hutu. Wasu masu horarwa kuma in takarda ta riga ta mutu, ba sa karɓar mutum a gajeriyar bita, cikakken kwas zai sake.

Manhajar kuwa, to, tana karanta takarda mai tsabta da aka buga da kwamfuta. Iyakacin yabon da zan yi mata ke nan. Fayil na gaske cike yake da kwafin da ya dushe, da hatimi a kan kwanan wata, da rubutun biro, kuma a kan waɗannan take tuntuɓe.

Inda na fi so ki sa ido, ko wanne kika zaɓa, shi ne kwanan wata. A ce takarda ta nuna 11/03/2023, wato 11 ga Maris. Da wata 36, za ta ƙare 11 ga Maris 2026. Idan kwamfutar tana kan tsarin Amurka, wanda ke fara kawo wata kafin rana, za ta ɗauke shi 3 ga Nuwamba, ta ce miki sai Nuwamba 2026. Mutum zai iya yin kusan wata takwas yana aiki da matacciyar takarda, layinsa ma ba zai canza launi ba sai kusan wata biyar bayan ta mutu. Ga yadda za ki gane: ki nemi rana irin 25/03/2023. Tunda babu wata na 25, kwamfuta mai tsarin Amurka za ta bar ta a matsayin rubutu, ki gan ta maƙale a hagun gida maimakon dama, kuma `=ISNUMBER(D2)` zai ba ki FALSE. Da kin ga haka, ki sake duba duk ranakun da ba su wuce 12 ga wata ba, da takardunsu a hannu. Ki saita gidan D ya riƙa nuna sunan watan da haruffa, kuskuren ba zai ɓoye ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da dillalan manhaja. Za su zo da nasu takardun gwaji masu ƙyalli su nuna miki abin mamaki. Ki ce su gwada a kan kwafin naku mafiya muni, bayan kin rufe sunaye. Ki tambaye su ko biyan na shekara-shekara ne, da inda bayanan ma'aikata za su zauna, da ko za ki iya fitar da komai zuwa Excel ranar da kuka rabu. Wanda ya fara kame-kame, ki sallame shi. Kada kuma fayil na asali ya bar ofis da sunan za a yi masa sikanin a waje.

Ki fara da satifiket ɗin da doka ko masu bincike ke tambaya, ki kuma sa abokiyar aiki ta ɗauki layi ɗaya cikin goma ta gwada da takardar asali. Allah ya ba da sa'a.